Rubutun jikin motar kai kaya: a gwada da kwali kafin a biya kuɗin sitika

Tambaya daga wata mai gidan burodi a Kano: "Malam, na sayi Hayis don kai burodi shaguna. Mai zane ya turo min samfuri a waya: hoton burodi kala huɗu, sunan gidanmu cikin rubutu mai lanƙwasa, adireshi, lambobin waya uku da kirarinmu. Ni dai ya burge ni. Ya ce in amince ya buga sitika. Me zan duba kafin in tura kuɗi?"

Hajiya, ki dakata da tura kuɗin tukuna. A waya kika ga zanen, tana hannunki, kina zaune, kina iya buɗa hoton da yatsa. Wanda kike so ya karanta kuwa yana bakin titin Zariya da rana tsaka, motar ta zo ta wuce shi. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin mutum ya ɗago kai, kafin wata Adaidaita Sahu ta shiga tsakani, abin da ya samu bai wuce daƙiƙa biyu zuwa uku ba. A wannan ɗan lokacin ido zai ɗauki kalma uku ko huɗu, in sun yi girma. Lambar waya mai alƙaluma 11 ba wanda zai haddace ta a guje, balle uku.

Saboda haka gefen mota aikinsa biyu ne: ya faɗi abin da kike sayarwa, ya faɗi sunanki. Kalmar BURODI da sunan gidan su cinye filin. Kirari, adireshi da hotuna uku daga cikin huɗun duk su sauka. Na san cire su zai yi miki ciwo, don kowa yana son ya ga kuɗinsa ya cika jikin mota, amma filin da aka bari fayau shi ne ke sa ido ya faɗa kan sunan.

Girman harafi yana da lissafi. Masu yin alluna suna ɗaukar cewa harafi mai tsayin inci 1 ana iya karanta shi daga ƙafa 25 zuwa 30 in komai a tsaye yake, amma karatu cikin sauƙi sai daga ƙafa 10. Tunda motarki tafiya take yi, ki kama na biyun. Mutumin da ke tsallaken titi mai hannu biyu, a ce tazarar ƙafa 80 zuwa 100, yana bukatar harafi mai inci 8 zuwa 10. Ki ce wa mai zane ya rubuta miki tsayin kowane layi da inci a kan samfurin. Sau da yawa sai an yi haka ake gane sunan da ya cika fuskar waya inci 4 ne kawai a jikin mota. Rubutun mai lanƙwasa kuma a bar shi a kan ledar burodi. Nan a sa haruffa masu kauri, miƙaƙƙu, da 'yar tazara tsakaninsu, don siraran layuka su ne ke fara ɓacewa daga nesa. In sunan yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ki duba da idonki, domin wasu salon rubutun kwamfuta ba su da su, sai ki ga an maye gurbinsu da harafin da bai yi kama da sauran ba.

Launi: mai duhu a kan mai haske, ko akasin haka. Baƙi ko shuɗi mai duhu a kan farar mota, ko baƙi a kan ruwan ɗorawa. Ja a kan kore ko a kan shuɗi yana rikita ido, kuma ja yana cikin launukan da rana ke saurin koɗar da su. Ki ɗauki hoton zanen ki mayar da shi baƙi da fari a waya. In sunan ya narke cikin bango, haka zai yi da magariba da kuma lokacin hazo.

Inda masu zane suka fi tafka kuskure shi ne ɓangaren da ƙofar gefe da ake ja take. Suna zana gefe ɗaya su kwafa shi zuwa ɗayan, kamar mota allo ce. Alhali lokacin da motar ta fi daɗewa a gaban masu shago da masu shayi shi ne lokacin sauke kaya, ƙofar kuma a buɗe take, ta ja baya ta rufe rabin jikin. In sunan ya ratsa daga ƙofa zuwa baya, rabinsa ya tafi ke nan, wani lokacin ma abin da ya rage ya zama wata kalma ta ban dariya. A wannan ɓangaren a sa kalmar BURODI da lamba ɗaya gaba ɗayansu a kan ƙofar, su yi ta tafiya tare da ita. A kuma kauce wa layin ƙarfen da ƙofar ke bi, da mariƙin ƙofa, da murfin tanki. Kada ki yarda da zanen da aka ɗora a kan hoton wata Hayis daga intanet. Ya zo da tef ya auna taki.

Baya kuwa mai karatunsa daban ne. Direban da ke bayanki a danja ko a gosulon Kurna yana da minti guda ko fiye, tazararsa ba ta wuce tsawon mota ɗaya ko biyu ba, wayarsa kuma tana kusa. Nan ne gidan lambar waya. Ki zaɓi guda ɗaya, wadda ake ɗauka kullum, mai WhatsApp, a rubuta ta da tsayin inci 4, a raba ta huɗu, uku, huɗu yadda muke faɗinta da baki. Da wannan girman za ta ci kusan mita ɗaya a kwance, faɗin Hayis kuma wajen mita 1.7 ne, don haka ta samu wuri. A ɗaga ta sama. Ƙasan ƙofar baya shi ne matattarar ƙura da taɓo, kuma gaban motar da ke biye yana kare shi. Kada sitika ta hau lambar mota ko fitilun birki. In gilashin baya za a rufe da sitika mai huji-huji don direba ya riƙa gani, to a sa hoton burodin a can, lambar ta zauna a kan ƙarfe, saboda hujin yana cinye siraran alƙaluma.

Ga gwajin da nake so ki yi, kuɗinsa bai kai na buhun fulawa ba. A rubuta sunan da lambar a kan kwali da ainihin girmansu, a manna da salatif a inda za su zauna. Ki samo mutum biyu da ba su san zanen ba, ɗaya ma ya kasance dattijo mai raunin gani, su tsaya a tsallaken titi. Direba ya wuce da gudun da ya saba, sau ɗaya kawai, sannan ki tambaye su me ake sayarwa, kuma na waye. Sai ki shiga wata motar ki bi bayan taki, wanda ke zaune kusa da direba ya gwada kwafe lambar a waya. A maimaita bayan la'asar sakaliya, a kuma buɗe ƙofar ja a tsaya daga bakin shago a duba. Duk layin da suka kasa karantawa, ko dai a ƙara masa girma ko a cire shi.

In an zo biya, ki ba da rabi, sauran sai an manna kin gani da rana. Ki karanta lambar alƙalami bayan alƙalami a kan samfurin ƙarshe, ki kira ta ki ji ta shiga, ki kuma karɓi kwafin zanen a ajiye, don ranar da mai babur ya goge miki ƙofa ɗaya, ita kaɗai za a sake bugawa.