Hannun riga: ina ɗinkin ya bi, ina tattarar ta zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ina koyon ɗinki a Ƙofar Marusa, cikin garin Katsina. Masu kawo ɗinki suna zuwa da hoto su ce raglan, dolman, bishof, fof ko set-in, ni kuwa duk sai su rikice mini. Jiya na yi bishof da atamfa, ya fito a sandare, bai zubo ba. Mene ne bambancinsu?

Amsa: Wa'alaikumussalam, ƙanwata. Idan aka nuna miki hoto, ki bar sunan tukuna, ki kalli kafaɗa. Idan ɗinkin ya zagaye hammata ya zauna daidai ƙashin kafaɗa, set-in ne. Idan ya taso daga hammata ya karkata har wuya, raglan ne, irin na rigunan sanyi da na motsa jiki. Kafaɗarsa ba ta da iyaka, shi ya sa yake ɓoye faɗin kafaɗa, amma mai zubabbiyar kafaɗa yana ƙara zubar mata da ita. Idan kuwa ba ki ga ɗinki a wurin ba sam, hannu da jiki yanki ɗaya ne, to dolman ne.

Bishof da fof 'ya'yan set-in ne, don haka sai kin iya uwar kafin ki taɓa su. A ce kin auna ramin hannu a jikin riga kin samu inci 18. Kan hannun da za ki yanka ya zama inci 19, ko da ɗan ɗori. Wannan inci ɗayan shi ke ba kafaɗa wurin zama. Ki yi dogon ɗinki layi biyu a saman, ki ja zaren a hankali har ya shige ramin ba tare da tattara ta fito ba. Kuma gefen gaba ya fi na baya zurfi, don haka ki sa alama da alli. Duk rigar da kika ga hannunta yana murɗewa, ko mai ita tana cewa baya na janta idan ta miƙa hannu, galibi an sauya na dama da na hagu ne.

Yanzu ki ɗauki wannan hannun da kika zana a takarda. Don yin bishof, ki tsaga shi da almakashi daga ƙasa zuwa sama gida huɗu ko biyar, amma kada ki raba, ki bar saman a haɗe. Ki buɗe ƙasan har ya kai inci 22 ko 24. Saman yana nan a 19 ɗinsa, lafe da kafaɗa. Ki ƙara tsawo inci ɗaya da rabi zuwa biyu, domin idan babu wannan ƙarin, hannun ba zai faɗo kan maɗaurin wuyan hannu ba, miƙewa zai yi. Sai ki tattare ƙasan cikin maɗauri mai inci 8 idan wuyan hannun inci 7 ne, ko ki zura roba.

Abin da ya sami naki ya fi kama da laifin yadi. Bishof yana son abin da ke zubowa, kamar shifon ko leshi mara nauyi. Sabuwar atamfa kuwa da ƙarfinta take zuwa, tsayawa take yi inda aka ajiye ta. Idan mai kaya ta dage sai atamfa, ki rage buɗin zuwa inci 16 ko 18, ki kuma gaya mata tun farko cewa ba zai yi irin na hoton ba. Gara ta ji yanzu da ranar ɗaurin aure.

Wannan ƙarfin da ya ɓata miki bishof shi ne abin da fof ke nema. A nan hannun gajere ne, kuma raba takardar za ki yi gaba ɗaya, ki buɗe sama da ƙasa, har kan hannun ya koma inci 27 zuwa 36. Ki ɗaga tsakiyarsa inci ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba faɗi kawai za ki samu, babu tudu. Tattarar ta tsaya a saman kafaɗa, kada ta gangara hammata, don can cunkushewa take yi. Ni nakan rage kafaɗar rigar da rabin inci, saboda fof ya hau kan ƙashi maimakon ya rataya a damtse. Idan yadin mai laushi ne, a sa masa net a ciki.

Dolman ya fi kowanne sauƙin ɗinki, amma ya fi cin yadi. Daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu, mace babba takan wuce inci 50, faɗin atamfa kuwa wajen inci 46 ne. Ko dai ki yi ƙari a hannu, ko ki yanka ta tsawo, zanen jikin atamfar ya kwanta a gicciye. Ki duba zanen kafin ki sa almakashi. Inda yake yagewa kuma lanƙwasar hammata ce, ki bi ta sau biyu da keke, sannan ki ɗan tsattsaga bakin yadin da ya rage a ciki don ya kwanta.