Ribata miliyan 20, me ya sa ake min lissafin haraji a kan miliyan 25 da rabi?

Assalamu alaikum Malam. Ina da kamfani mai rajista a Kano, muna sarin shinkafa, sukari da man gyaɗa. Cinikinmu na shekara ya kai naira miliyan 480, akanta ya fitar da riba miliyan 20. Amma da ya zo lissafin haraji sai ya ce a kan miliyan 25 da rabi za mu biya. Ina aka samo ribar da ban ci ba? Ko dai akantan ne yake min wasa da hankali?

Wa alaikumus salam Alhaji. Na duba takardun da ka haɗo da wasiƙarka, kuma akantanka bai cuce ka ba. Littafin kamfani yana cire duk abin da ya fita daga asusu, ita kuwa dokar haraji tana yarda ne kawai da kuɗin da aka kashe kacokan don samar da ribar kasuwancin. Saboda haka ana ɗaukar ribar littafi, a mayar mata da kashe-kashen da doka ba ta amince da su ba, sannan a zare kuɗin shigar da aka yafe wa haraji. Bari mu bi naka lissafin ɗaya bayan ɗaya.

Mafi girma a ciki shi ne miliyan 6 na faɗuwar darajar motocinka biyu da janareta. Kowane kamfani shi yake yanke wa kansa shekarun da motarsa za ta yi tana aiki. Wani ya ce huɗu, wani ya ce takwas. Da hukuma za ta yarda da wannan, da kowa ya zaɓi adadin da zai rage masa haraji. Shi ya sa ake mayar da miliyan 6 ɗin gaba ɗaya, sannan a ba ka alawus ɗin kadara, wato ragin da ake yi wa riba saboda kayan aikin da kamfani ya saya, bisa ma'aunin da doka ta gindaya wa kowa. Naka na bana ya kama miliyan 5. Kada wannan ya dame ka, domin bambancin na lokaci ne kawai: wata shekara alawus ɗin ya fi abin da littafi ya cire, wata shekara ya gaza. Abin da zai hana ka samunsa shi ne rashin rasit ɗin sayen motar da sunan kamfani.

Haka batun bashi yake. Akanta ya ware miliyan 2 yana hasashen wasu daga cikin masu karɓar kaya bashi ba za su biya ba. A wajen akanta wannan tsantseni ne mai kyau, amma hukumar haraji ba ta karɓar hasashe na jimla. Tana son suna, adadi da hujja: wane ya karɓi buhu kaza ranar kaza, an rubuta masa takardar neman biya, ya karye ko ya rasu bai bar abin biya ba. Ranar da ka kawo wannan, za a cire maka. In kuma daga baya Allah ya hore masa ya biya, kuɗin zai dawo cikin ribar shekarar da aka karɓa.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni, domin nan ne asarar da ba ta dawowa. Akwai miliyan 2 da rabi na kuɗin makarantar yara da cefanen gida da aka biya daga asusun kamfani, da miliyan 1 da rabi na zakka da sadakar azumi, da dubu 500 na tarar da aka ci ku saboda jinkirin miƙa takardun haraji. Tara dai ba ta buƙatar dogon bayani: doka ba za ta hukunta ka sannan ta rage maka haraji da kuɗin hukuncin ba.

Kuɗin gida kuwa shi ne ciwon da na fi gani a wurin 'yan kasuwarmu. Tun ranar da ka yi wa kamfani rajista ya zama mutum mai zaman kansa a idon doka, aljihunsa daban, naka daban, ko da kai kaɗai ka mallake shi. Hanya mai tsafta ita ce kamfani ya yanka maka albashi na darakta, a cire harajin albashi a kai wa hukumar haraji ta jiha, kai kuma ka biya makaranta daga albashinka. Albashin ma'aikata kashewa ce da doka ta yarda da ita, cefanen gidan mai kamfani kuwa ba ya ciki.

Zakka ma ina roƙonka ka fahimce ni. Ba cewa ake kada ka fitar ba, hakkin Allah ne, kuma Allah ya karɓa. Amma kyautar da doka ke cirewa ita ce wadda aka ba cibiyoyin da ta amince da su, kuma tana da iyaka. Abin da ka raba wa mabuƙata hannu da hannu ba ya rage ribar haraji. Ka sa akanta ya rubuta shi a matsayin abin da mai kamfani ya ɗauka, kada ya cakuɗa shi da kuɗin dako da hayar sito.

In ka haɗa waɗannan biyar, miliyan 12 da rabi ke nan. A ɗora a kan miliyan 20, an samu miliyan 32 da rabi.

Sai abin da ake zarewa, wanda mutane da yawa suke mantawa har su biya haraji sau biyu. A cikin ribarka akwai miliyan 2 na rabon riba daga hannun jarin da kamfaninka ya saya a wani kamfanin siminti na Najeriya. An riga an cire kashi 10 cikin 100 tun kafin kuɗin ya iso, kuma wannan cirewar ita ce harajinsa na ƙarshe. Don haka ana zare shi, saura miliyan 30 da rabi. A lura da abu biyu a nan. Adadin da aka shigar a littafi shi ake zarewa: da akanta ya rubuta miliyan 1.8 da ya shigo banki ne kawai, to shi za a cire, ba miliyan 2 ba. Sannan duk kuɗin da aka kashe wajen samo wannan rabon, kamar ladan dillalin hannun jari, shi ma ba a cire shi daga ribar kasuwanci.

Daga miliyan 30 da rabi a fitar da alawus ɗin kadara miliyan 5, ga miliyan 25 da rabi ɗin da ya ɗaga maka hankali. A kan kashi 30 cikin 100, harajin ya kama miliyan 7 da dubu 650, maimakon miliyan 6 da ka ƙiyasta. Kuma a ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, akwai harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100, wanda ake lissafawa tun kafin a cire alawus ɗin kadara. Wato duk nairar da aka mayar cikin riba, sau biyu take cizo.

Kafin wata shida na miƙa takardu bayan rufe shekara su cika, ka zauna da akanta ku bi jerin masu bashin nan da suna. Duk wanda bashinsa ya mutu da gaske kuma akwai hujja a rubuce, a fitar da shi daga cikin miliyan 2 ɗin. Kowace miliyan 1 da kuka tabbatar za ta rage maka naira dubu 300 a harajin kamfani na bana.