Sola ko janareta: fara lissafa abin da za ka kunna da daddare

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a wani ƙauye wajen Ringim, ni da maiɗakina da yara uku. Wuta sai ta yi kwana uku ba a kawo ba, in an kawo ma ba ta jimawa. Kayanmu ƙwan fitila biyar ne, fanka biyu, talabijin da cajin waya, sai firiza da uwargida ke so nan gaba. Na ɗan tara kuɗi. Sola zan haɗa ko janareta zan saya?"

Wa alaikumus salam Malam. Sola za ka haɗa, amma da sharaɗi biyu: ka ajiye maganar firiza tukuna, kuma ka yarda cewa mafi yawan kuɗinka a batir za su tafi. Na yi zama da janareta, yanzu kuma sola ce a gidana a nan ƙasar Gumel, rana ɗaya ce ke dukanmu da ku, shi ya sa na ce bari in yi maka bayani a tsanake.

Janareta yana da daɗin saye, wahalarsa a ciyarwa take. Ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai yana shan kusan rabin lita a awa ɗaya. In ka tayar da shi bayan magariba ka kashe wajen sha ɗaya, awa biyar ke nan, lita biyu da rabi. A wata ya kama lita 75. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 lita ta bar ƙasa da naira 200 ta yi sama, har ta taɓa haura 1,000 a 2024, kuma mu na ƙauye a hannun 'yan bumburutu muke saye, da ƙari a kai. Mu ɗauka 1,000 ce don sauƙin lissafi: naira 75,000 a wata, 900,000 a shekara, ban da baƙin mai da filogi da kuɗin bakanike in kafireta ta toshe. Ka sa farashin garinku na yau ka sake bugawa da kanka.

Abin da ya fi damuna da shi ma ba kuɗin ba ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya hucewa sai asuba. Daidai lokacin da yara suka fi buƙatar fanka, ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na dare, lokacin ne ka riga ka kashe injin saboda mai da ƙara da kunyar maƙwabta. Wasu kuma sai su shigar da shi zaure ko kusa da taga don tsoron ɓarayi. Don Allah duk wanda ke karanta wannan ya daina. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanyar.

To, mu koma kan sola. Kafin ka je Sabon Gari a Kano ka tambayi farashi, ɗauki biro ka juya bayan kowane kaya, za ka ga lamba da harafin W kusa da ita. Wannan ne wat ɗin da yake ja. Sai ka ninka da awannin da za ka kunna shi, abin da ya fito shi ne wutar da yake ci a yini. Ƙwan fitila biyar na zamani masu wat 7, awa biyar, 175 ke nan. Talabijin inci 32 da dikoda, mu ce wat 55, awa huɗu, 220. Cajin wayoyin gida gaba ɗaya, 60 ya isa. Duk waɗannan ba su kai 500 ba.

Fanka ce ke cinye lissafin. Fankar tsaye da muka saba tana jan kusan wat 60. Guda biyu, awa takwas, 960, wato su kaɗai sun ninka sauran kayan gidan. Jimilla ta zama 1,415, in ka ƙara kwata saboda abin da ke salwanta a wayoyin wuta da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, kana wajen 1,770. Amma in ka sayar da su ka sayi fankar sola, mai rubutun DC a kwalinta, wadda ke jan kamar wat 20, guda biyun 320 kawai za su ci. Jimilla ta sauko 775, da kwatan nan ta zama kusan 970. Canjin fanka kaɗai ya raba girman solar da kake buƙata kusan biyu. Da yawa masu haɗa sola ba sa gaya wa mutum wannan, sai dai su ƙara masa batir.

Ka ɗauki batir a matsayin randa, faifan sola kuma ɗan garuwar da ke cika ta da rana. Da daddare abin da ke cikin randar kaɗai gare ka. Batirin ruwa dogon nan da ake kira tubula, mai bolt 12 da lamba 200 ta girman cikinsa, yana ɗaukar 2,400 a rubuce, wato 12 sau 200. Sai dai rabi ne naka, 1,200. In kana tatse shi har ƙasa kullum, batirin da ya kamata ya yi maka shekara uku zuwa huɗu ba zai ga damina biyu ba. Ka ga da fankar sola batir ɗaya ya riƙe ka har asuba da ɗan saura, da tsohuwar fanka kuwa sai ka sayi biyu. In aljihu ya kai, batirin litiyam mai bolt 12 da lamba 100 yana ba da kusan 1,000 da za ka iya sha ba fargaba, ba a zuba masa ruwa, kuma ya fi tubula daɗewa nesa ba kusa ba. Ni da zan sake haɗawa yau shi zan saya, ko da zan jinkirta wata biyu in cika kuɗin.

In tubula ka saya, ga yadda ake kula da shi. Kowane wata ka duba ruwansa, in ya sauka ka ƙara ruwan batir tatacce da ake sayarwa a gora. Ban da ruwan rijiya, ban da na leda, ban da ƙara asid. Ka ajiye shi a kan katako a ɗakin da iska ke ratsawa, don zafi na rage masa kwana sosai, kuma yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, kada a sa shi inda ake girki ko inda ake kwana. Sannan ka koyi karanta lambar bolt da ke kan allon inbata. Da asuba, an kashe komai an ɗan jira, in ka ga 12.2 ko sama da haka lafiya lau. In kullum 11.8 kake tararwa, ko kaya sun yi masa yawa ko faifan ba ya cika shi. In kuma ya nuna ya cika tun hantsi amma kafin sha ɗayan dare inbata ta fara kuka, to ya gaji, ba ya riƙe wuta. Wajen saye ka ɗaga shi da hannunka. Na gaske mai lamba 200 ya fi buhun siminti nauyi, in ka ji shi sakayau ka ajiye musu abinsu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da garanti a rubuce.

Faifai kuma, a yankinmu ka lissafa awa biyar na rana mai ƙarfi, kuma kashi 70 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikinsa za ka samu, saboda zafi da ƙura. Mai wat 300 zai ba ka wajen 1,050 a yini, daidai wa daida da buƙatarka, babu rarar da za ta cece ka ranar da hazo ya rufe gari ko a tsakiyar Agusta in hadari ya yini. Ka nemi wat 400 ko sama, ka samu 1,400. Nan akwai wani tarko da na ga ya kama wani maƙwabcina. An sa masa babban faifai, aka haɗa da ƙaramar kwantirola mai araha, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir, irin mai rubutun PWM, a kan batir ɗaya. Manyan faifan yanzu suna fitar da bolt 30 zuwa 40, ita kuwa wannan kwantirolar sai ta janyo su ƙasa zuwa na batir, kusan rabin wutar ko fiye ya tafi a banza. Batirinsa bai taɓa cika ba, yana ta zargin batirin. Da aka canza zuwa mai rubutun MPPT, kafin la'asar ya cika. Kai ma ita za ka nema, mai lamba 40.

A kafa faifan yana kallon kudu, a ɗan kishingiɗe, a ɗaure shi da ƙarfe da noti a jikin katakon rufi, don iskar farkon damina ba ta barin abin da aka ɗaure da waya. Ka duba inda inuwar darbejiya ke faɗawa da hantsi da la'asar, reshe ɗaya in ya rufe gefe yana rage wutar faifan gaba ɗaya. Lokacin hunturu a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, ko sau ɗaya a mako. Tunda kuna ganin wuta jefi-jefi, ka sayi inbata mai caja a cikinta, duk sa'ar da aka kawo ta ƙara wa batir.

Yanzu ga inda sola irin wannan ba ta da ƙarfi. Dutsen guga na lantarki yana jan wat 1,000 ko fiye, hitar dafa ruwa ma haka. Ka tara mutanen gida ka gaya musu tun ranar farko, a koma dutsen gawayi, domin na san gidan da hita ɗaya da aka jona don wankan asuba ta kashe musu inbata. Firiza kuma a zafinmu takan ci 1,000 zuwa 1,500 a yini, fiye da duk kayanka a haɗe in fankar sola ka sa, kuma lokacin tashi tana fizgar ninkin abin da take ja sau da yawa, ƙaramar inbata ba ta ɗauka. In Hajiya sana'ar ƙanƙara da zoɓo take nufi, ku bari sai kun iya ninka faifai da batir, ko ku sayi firizar sola da nata faifan daban, a riƙa kunna ta daga hantsi zuwa la'asar, a rufe ta ruf da daddare. Ƙaramin janaretan nan ma ba ya tayar da firiza yadda ya kamata, sai mai girma, shi kuwa shan mansa ya haura lita a awa in an ɗora masa kaya.

Wanda zan ce wa ya sayi janareta shi ne mai famfon burtsatse ko injin walda, wanda ke son wuta mai yawa na awa ɗaya ko biyu sannan ya kashe. Kai taka ƙarama ce amma ta dare gaba ɗaya. In kuɗin da ka tara bai kai duka ba, fara da faifai da kwantirola da batir, ka jona ƙwayaye da fankoki masu bolt 12 kai tsaye ba tare da inbata ba, da fis a kusa da batir. Talabijin ta jira zuwa kaka in an sayar da riɗi, sai a ƙaro inbatar.