Baƙo ya ce abincin otal ya ba shi gudawa: yaya tafinta zai isar da ƙorafin?

Tambaya: Ina aikin tafinta a wani otal a Makka, tsakanin alhazanmu da manaja Balarabe. Wani dattijo ya kwana amai da gudawa, ya ce abincin darenmu ne. Yaya zan fassara ba tare da na cuce shi ko na cuci otal ba?

Amsa: Kafin kowa ya buɗe baki, ka shaida wa kowannensu da harshensa cewa duk abin da aka faɗa a wurin za ka isar, ba ƙari ba ragi. Ka riƙa magana da bakin mai magana. Idan Baba ya ce "na ci shinkafa", kai ma ka ce "na ci shinkafa" da Larabci. Da ka fara "wai ya ce", shakku ya shiga muryarka, manaja kuwa zai ji.

Tarkon farko yana cikin kalmomi. Balarabe na kiran ciwon da gurɓataccen abinci ke jawowa "tasammum", kunnen Bahaushe kuwa "sammu" zai jiyo. Ko "guba" ka ce, dattijo zai ɗauka wani ne ya zuba masa da gangan. Ka ce "abincin da ya lalace ya ɓata ciki". Ta ɗaya ɓangaren, "amai da gudawa" a bakinmu alamu ne guda biyu, kuma shi ne sunan da aka saba kiran kwalara da shi. Idan ka ambaci kwalara ga manaja a lokacin aikin hajji, ka tayar da hankalin otal gaba ɗaya kan cutar da babu likitan da ya tabbatar. Ka faɗi alamun ɗaya bayan ɗaya.

Sai lokaci, kuma a nan ne tafinta ya fi yin ɓarna bai sani ba. A ce Baba ya faɗi haka: "Bayan isha'i na ci shinkafa da kaza, kafin asuba na yi ta kewayawa." Kada ka mayar da "bayan isha'i" ƙarfe tara da ƙiyasinka. Ka isar da shi yadda yake, idan manaja na son ƙarfe nawa, ya tambaya. Tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo ita ce ke nuna inda za a duba. Dafin da ke taruwa a dafaffiyar shinkafa da ta daɗe a ajiye ba zafi ba sanyi yakan sa amai cikin rabin awa zuwa awa 6. Ƙwayar cutar salmonela, wadda aka fi samu a kaza da ƙwai, tana ɗaukar awa 6 har zuwa kwana 6. Ke nan mai yiwuwa abincin daren ne, mai yiwuwa kuma abin da ya saya a bakin hanya shekaranjiya. Wannan sanin naka ne don ka kiyaye lokutan, hukuncin na likita ne. Idan manaja ya tambayi ko ya ci wani abu a waje, ka isar da tambayar a matsayin tambaya, kada ka yi mata muryar tuhuma, kada kuma ka haɗiye ta don tausayin tsoho.

"Kewayawa" kuma kunya ce ta dattijo. In ka fassara ta kai tsaye, manaja zai zaci yawo Baba ya yi. Ka ce wa manaja, "tafinta ne ke magana, zan nemi ƙarin bayani", sannan ka juya: "Baba, a gafarce ni, gudawa kake nufi? Sau nawa? Akwai jini?" Abin da ya amsa shi za ka kai.

Ka bambanta abin da ya gani da abin da yake zato. "Kazar tana wari" shaida ce. "Kazar ce ta sa ni ciwo" zato ne, shi ma a isar da shi, amma da ƙarfin da ya faɗe shi. Haka a ɓangaren manaja: "salamtak" jaje ne, sannu da jiki, ba amsa laifi ba ne. In ya ce zai duba batun mayar da kuɗi, kada ka ce wa Baba za a mayar. In Baba ya yi fushi ya ce "Allah ya isa", ka isar. Ban baki ba aikinka ba ne a wannan zaman.

Wuri ɗaya ne za ka dakatar da zancen da kanka. Idan ka ji jini a bayan gida, ko zazzaɓi da ya kai digiri 39, ko ruwa ba ya zama a cikinsa, ko fitsari ya ɗauke yana jiri, ka faɗa da harsunan biyu cewa a fara kai shi asibiti. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce. Ƙorafin zai jira, kuma takardar likita ce za ta fi amfani idan an dawo kansa.