Na cika fom na PDF, yaya zan hana a sake taɓa abin da na rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani ofishin dillancin gidaje a Kano. Muna cika fom ɗin yarjejeniyar haya na PDF, maigidana ya yi 'yan gyare-gyare da jan rubutu a gefe, sai mu tura wa ɗan haya. Kwanan baya wani ya buɗe nasa ya mayar da naira 450,000 ta koma 400,000. Yaya zan yi fom ɗin ya daina karɓar gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abin da kike nema shi ne wanda manhajoji ke rubutawa Flatten, ni kuwa daɓe nake ce masa, don ya fi kama da yadda ake daɓe ɗaki: tsakuwa da ƙasa su haɗe su zama abu guda, ba a iya zare ɗaya a bar ɗaya.

Fom na PDF hawa biyu ne. Akwai shafin kansa, wato layuka da tambarin ofis da rubutun da ba ya motsi. Sannan akwai guraben cikewa da sharhin gefe, waɗanda ke zaune a saman shafin kamar takardar da aka liƙa da ƙaramin gam. Shi ya sa ɗan hayan bai sha wata wahala ba, gurbin kuɗin kawai ya danna ya sake rubutawa. Idan aka daɓe, manhaja takan ɗauki kamannin kowane gurbi ta zana shi a jikin shafin, sannan ta jefar da gurbin.

Kalmar kamanni ita ce wurin da mutane ke faɗuwa. Kowane gurbi yana ajiye abu biyu daban: ainihin abin da aka rubuta, wanda a cikin fayil ake wa alama da `/V`, da kuma zanen yadda rubutun zai bayyana, wato `/AP`. Daɓe ba ya duba na farkon, zanen yake ɗauka. Wasu manhajojin, musamman na waya, sukan ajiye rubutun ba tare da sabunta zanen ba, sai su kunna wata alama mai suna `NeedAppearances` wadda ke cewa duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya zana da kansa. Ki daɓe irin wannan fom da manhajar da ba ta lura ba, sai ki tarar da gurabe wayam, ko kuma tsohon adadi ya dawo. Na taɓa yin wannan da fom mai shafi uku, na tura ban duba ba, washegari aka kira ni ana tambaya ina sunan mai gidan ya tafi.

Saboda haka kafin komai ki ajiye kwafin da ba a daɓe ba, da suna daban. Daɓe ba ya warwaruwa bayan an ajiye fayil.

Idan ofishinku na da Acrobat Pro, ki buɗe Preflight da ke ƙarƙashin Print Production, ki nemo gyaran da ake kira Flatten annotations and form fields, ki danna Analyze and fix, zai nemi sunan sabon fayil. In babu shi, akwai manhajar qpdf, kyauta ce, layi ɗaya ake rubuta mata a tagar umarni ta kwamfuta, wato Command Prompt:

```
qpdf --generate-appearances --flatten-annotations=all haya.pdf haya-dabe.pdf
```

Kashin farko yana sa ta sabunta zanen guraben idan alamar nan na kunne, na biyun kuma ya daɓe gurabe da sharhi gaba ɗaya. Idan kin sa `print` a madadin `all`, abin da aka yi wa alamar fita a bugu kaɗai zai shiga shafin. Amma ga inda mu masu rubuta Hausa za mu yi hattara: zanen da qpdf ke yi da kanta ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, alamar tambaya take sawa a madadinsu. Adireshin da kika rubuta Ƙofar Mata sai ya fito ?ofar Mata, kuma ya riga ya daɓu haka. In fom ɗinki na da irin waɗannan haruffa, ki buɗe shi a manhajar kwamfuta da ke nuna su daidai, ki ajiye daga can don zanen ya zauna, sannan ki daɓe ki duba.

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce bugawa zuwa Microsoft Print to PDF. Tana aiki, domin abin da firinta za ta gani shi ke fita. Sai dai a tagar bugu ta Acrobat Reader ki duba wurin Comments & Forms: in yana kan Document, jan rubutun maigidanki ba zai fito ba, sai kin zaɓi Document and Markups.

Game da sharhin ma akwai abin lura. Wanda aka rubuta kai tsaye a kan shafi, da layin da aka ja, da hatimi, duk suna daɓuwa lafiya. Amma ɗan akwatin nan mai ruwan ɗorawa da sai an danna shi saƙon ciki yake buɗewa, hoton akwatin kawai zai rage, maganar cikinsa ta tafi. In akwai sharaɗin da ya shafi yarjejeniya a ciki, misali wa zai biya kuɗin gyaran famfo, ki kwafe shi zuwa jikin takardar tukuna.

Bayan kin gama, ki buɗe sabon fayil ɗin a kwamfuta da kuma waya. Ki danna inda adadin kuɗin yake: kada shuɗin gurbi ya bayyana, kada allon rubutun waya ya taso. Sannan ki ajiye shi gefe da gefe da na asali, ki bi gurbi-gurbi, musamman akwatunan da ake sa wa alamar zaɓi da dogon adireshin da zai iya yankewa a bakin gurbi.

Yanzu ga maganar da ba za ki so ji ba. Daɓe yana rufe ƙofar gaba ne kawai. Wannan 450,000 ɗin har yanzu rubutu ne a jikin shafi, kuma mai Edit PDF na Acrobat Pro ko LibreOffice Draw zai iya canza shi cikin 'yan mintuna. Kalmar sirrin da ke hana gyara ma ba katanga ba ce, manhajar da ta ga dama ce ke mutunta ta. Haka nan in kin rufe lambar asusun banki da baƙin akwati kika daɓe, lambar na nan a ƙasa, ana iya kwafe ta. Wannan aikin Redact ne, wanda ke goge rubutun daga fayil ɗin gaba ɗaya.

Abin da ke kama mai canji shi ne sa hannu na dijital mai takardar shaida, ba hoton sa hannu da aka manna ba. Shi ma bai hana a taɓa fayil ba, amma da an taɓa, Acrobat Reader zai nuna wa duk wanda ya buɗe cewa an canza takardar bayan sa hannu. Jerin aikin kuma ba ya juyuwa: a cika, a duba, a daɓe, sannan a sa hannu. In kika daɓe bayan maigida ya sa hannu, kin mayar da sa hannun zane kawai, shaidar ta lalace.

Idan ofishinku bai kai ga wannan ba tukuna, ki tura daɓaɓɓen fayil ta imel ɗin ofis don kwafin da ya fita ya zauna da kwanan watansa, kuma ranar da ɗan haya zai zo sa hannu da biro, takardar da kika buga daga naki kwafin za ki miƙa masa, ba wadda ya shigo da ita a hannu ba.