Adadin farasitamol ga yaro mai kilo 10

"Yarona nauyinsa kilo 10, zazzaɓi ya ƙi sauka, mu kuma muna ƙauye wajen Ringim. Nawa zan ba shi farasitamol, kuma zan iya ƙarawa?"

Maman yaro, kada ki ƙara. Da nauyi ake aunawa: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, wato nasa 100 zuwa 150 ke nan. Duba jikin kwalbar. In an rubuta 120mg/5ml, ki ja mil 5 da sirinji, kada ki auna da cokalin shayi. Ki bar awa shida tsakani, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Maganin mura ma sau da yawa akwai farasitamol a ciki, kada ki haɗa su.

Abin da ke ba ni tsoro, yaron da aka ba da yawa yakan yi ɗan amai kawai, ya koma wasansa. Na ga ɗan maƙwabciyata haka. Sai a kwana na uku idonsa ya yi rawaya, yana riƙe gefen cikinsa na dama, barci ba tashi, ashe hanta ce ta taɓu. In kin wuce ƙima, ɗauki kwalbar ku tafi asibiti yanzu, ko da yana wasa. Zazzaɓin kuma a gwada shi maleriya yau.