Barin aikin banki zuwa ƙaramin kamfani: a duba asusun fansho tukuna

Tambaya: "Ina aiki a banki a nan Legas, sai wani ƙaramin kamfanin jigilar kaya a Apapa ya yi mini tayin albashi mai tsoka. Ta yaya zan gane ko yana da ƙarfi kafin in ajiye aikina?"

Malam, shawarata ita ce ka fara da kuɗin fansho, domin kamfanin da ya shiga matsi yakan daina zuba su tun kafin albashi ya fara makara. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, a cire kashi 8 daga ma'aikaci, kuma kuɗin su isa asusu cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Idan albashin da ake lissafi da shi naira 300,000 ne, ya kamata naira 54,000 ta riƙa shiga duk wata.

Saboda haka ka nemi wani ma'aikacinsu, ko wanda ya bar wurin kwanan nan, wanda shi ya fi sakin baki, ka roƙe shi ya duba bayanin asusun fanshonsa na wata shida. Idan an cire kason ma'aikaci a takardar albashi amma bai shiga asusu ba, to da kuɗin ma'aikata kamfanin yake toshe ɓaraka, kuma ni da kaina ba zan bar banki saboda irin wannan wuri ba.

Wannan gwaji bai isa shi kaɗai ba. A ranar ganawa ka tambayi manyan abokan cinikinsu nawa ne, domin kamfanin jigilar da ya dogara da mai shigo da kaya ɗaya yana iya durƙushewa ranar da kwantiragin ya ƙare, ko da fanshonsa bai taɓa makara ba.